Me ya sa na'urar ɗaukar zanen yatsa take ƙin busasshen hannu da hunturu?

Abba Mai Kafe: Assalamu alaikum 'yan gida. Masu ilimin fiziks ku taimaka min da bayani. Tun da sanyin nan ya shigo, na'urar ɗaukar zanen yatsa da nake aiki da ita a shago take ba ni wahala. Mutum zai ɗora yatsa, hoton ya fito fari fat, sai ɗigo-ɗigo nan da can. In na ce ya goga yatsan a goshinsa ko gefen hancinsa ya sake ɗorawa, sai zanen ya fito raɗau. Amma jiya wata baiwar Allah ta lafta basilin kafin ta zo, nata kuma ya fito baƙi ƙirin, babu layi ko ɗaya. To yatsan nan a kan gilashin yake a duka ukun. Me na'urar take gani ne?

Sadiƙ na Farm Santa: Wa alaikumus salam. Oga Abba sensa ce ta fara gajiya. Muna ganin haka a waya kullum, a canza ta kawai a huta.

Abba Mai Kafe: Sabuwa ce Sadiƙ, ko shekara ba ta yi ba. Kuma ba irin ta bayan waya ba ce, wannan mai gilashi ce da fitila a ciki.

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam. Sadiƙ, ta bayan waya da ta maɓallin gefe yawanci da lantarki suke auna fata, ba da haske ba, don haka labarinsu daban. Abba, kafin na ce komai ina so ka yi abu ɗaya. Samo tambulan na gilashi mai miƙaƙƙen jiki, ka cika shi da ruwan randa, ba na firji ba. Goge bayansa ya bushe ƙayau. Ka riƙe shi sakwa-sakwa, ka leƙa ta sama, ta cikin ruwan, ka dubi bangon da yatsunka suke bayansa. Faɗa mana abin da ka gani. Daga nan ka matse shi da ƙarfi ka sake dubawa.

Abba Mai Kafe: Ikon Allah. Malam, da farko ban ga yatsuna ba sam, bangon ya koma kamar madubi, gindin kofin nake gani a ciki. Da na matse sai ga zanen yatsuna, layi-layi, amma tsakanin layukan har yanzu madubi ne yana ƙyalli.

Malam Nasiru: To na'urarka ke nan ka gani da idonka. A cikinta akwai firizim, wato dunƙulen gilashi mai kusurwa uku, fitila tana haska fuskarsa ta sama daga ciki a karkace, kyamara kuma tana jiran hasken da ya dawo.

Haske in yana cikin gilashi zai fita iska, akwai kusurwar da in ya wuce ta ba ya iya fita, gaba ɗayansa yake dawowa ciki. Ana auna kusurwar daga layin da ya tsaya cak a kan fuskar gilashin. In indes ɗin gilashin, wato ma'aunin yadda yake lanƙwasa haske, 1.5 ne, iyakar tana digiri 41.8. Daga ruwa zuwa iska kuwa wajen digiri 49 ce. Mu ɗauka na'urarka tana haskawa a digiri 45. Inda iska ce a saman gilashin, hasken duka zai koma kyamara, wurin ya fito fari. Inda fata ta manne, hasken zai shige fatar ya watse, wurin ya fito baƙi. Tudun zanen yatsa baƙi, kwarinsa fari.

Wurin da tambayarka take shi ne kalmar da ka yi amfani da ita, cewa yatsan "a kan gilashin yake". A wurin haske, a kai da a manne ba ɗaya ba ne. Busasshiyar fata mai kaushi tana taɓa gilashi ne a 'yan tsiraran wurare, sauran duk akwai siririyar iska a tsakani. Iskar nan ko da kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na silin gashi ba, ta isa ta mayar da hasken kusan duka.

Maryam A.: Malam barka da dare. Ina aji uku a fiziks a BUK, mun taɓo wannan a darasin haske. Abin da na fahimta shi ne ko a lokacin da hasken yake dawowa duka, akwai wani ɗan haske da yake yoyo ya fita cikin iskar, shi ne igiya mai dusashewa. Wato ba ɗari bisa ɗari yake dawowa ba, ɗan kaɗan yana ɓacewa a waje. In aka kawo abu kusa sai ya kwashi wannan da ya yoyo.

Malam Nasiru: Maryam, rabin farko daidai, amma ki cire maganar yoyo da ɓacewa. In babu komai a saman gilashin sai iska, ɗari bisa ɗari yake dawowa, babu ragi. Abin da yake wajen gilashin filin lantarki da maganaɗisu ne na hasken, kuma dole ya kasance a wurin, domin ƙa'idojin Maxwell na lantarki da maganaɗisu ba su yarda filin ya yanke kwatsam a bakin iyaka ba. Abin da yake kwance a jikin fuskar ta ciki dole ya yi daidai da na waje. To filin yana waje, yana ma tafiya, amma a kwance yake bin fuskar gilashin. Ta sama kuwa ba ya kaɗawa, raguwa kawai yake yi da sauri yayin da ake nisa da gilashin. Ƙarfin hasken yana leƙawa waje ya komo, kamar mai leƙo kai ta taga. In kika ɗauki matsakaicin abin da ya fita da abin da ya komo, sifiri ne.

Injiniya Bala: Malam ni nan ne kullum nake tsayawa. In matsakaicin sifiri ne, ta yaya gilashi na biyu zai samu wani abu? Ai ba a ɗiba daga babu.

Malam Nasiru: Tambaya mai kyau Injiniya, kuma littattafai da yawa suna tsallake ta. Sifirin nan na lokacin da gilashi ɗaya ne kawai. A lokacin, a cikin iskar akwai igiya guda ɗaya tak, mai raguwa in ana nisa, kuma filin lantarkinta da na maganaɗisunta sun saɓa da rubu'in zagaye, shi ya sa abin da suka tura sama a wani lokaci suke janye shi a lokaci na gaba. Da ka kawo gilashi na biyu ka canza tambayar gaba ɗaya. Fuskar ta biyu ita ma tana mayar da wani ɓangare na filin baya, don haka a cikin ratar yanzu akwai igiyoyi biyu: ɗaya tana raguwa daga gilashin farko zuwa na biyu, ɗaya tana raguwa daga na biyu zuwa na farko. Kowacce ita kaɗai ba ta ɗaukar komai ta haye. Haɗuwarsu ce take gyara saɓanin nan, sai ƙarfi ya samu hanya. A cikin gilashi na biyu kuma filin ya sake zama haske na sosai mai tafiya, ya ci gaba a digiri 45 ɗinsa kamar ba abin da ya faru. Abin da ya haye kuwa daga hasken da zai dawo aka cire shi. In kashi 40 ya haye, 60 ne zai koma, lissafi ya cika.

Injiniya Bala: Wato gilashin farko ya "san" an kawo na biyu ke nan.

Malam Nasiru: Ta hanyar igiyar da ta komo daga fuskar ta biyu, eh. Shi ya sa in ratar ta yi faɗi labarin ba ya isowa, domin sai ya dusashe a zuwa ya kuma dusashe a dawowa.

Abba Mai Kafe: Ni dai ku ba ni lamba. Kusa ɗin nan, kusa nawa?

Maryam A.: Bari na gwada, Malam ya gyara min. Filin yana raguwa kamar `exp(-κz)`, inda z nisa ne daga gilashin. In λ tsawon zangon hasken ne, n indes ɗin gilashi, θ kuma kusurwa, to

`κ = (2π/λ)·√(n²·sin²θ − 1)`

Na ɗauki jan haske irin na lezar ɗakin gwajinmu, mai tsawon zango nanomita 633, gilashi 1.5, kusurwa 45. n²·sin²θ ya ba ni 1.125, a cire 1 saura 0.125, tushensa 0.354. Sai 1/κ ya fito nanomita 285. Wato a nisan nanomita 285 filin ya ragu zuwa kashi 37 cikin ɗari. Ƙarfin haske kuma murabba'in filin ne, don haka nasa nisan rabi ne, wajen 142. To in ratar, wato d, nanomita 200 ce, abin da zai haye `exp(-2κd)`, na samu kashi 25 cikin ɗari.

Yaya Abba, nanomita dubu ne maikuromita ɗaya, silin gashi kuma yana kai maikuromita 50 zuwa 100.

Malam Nasiru: 285 da 142 duka daidai, sannu da ƙoƙari. Kashi 25 ɗin ne bai zauna ba, kuma dalilin shi ne abin da na gama faɗa wa Injiniya. Kin lissafa filin gilashi ɗaya, sannan kika ajiye na biyu a cikinsa kamar zuwansa bai taɓa komai ba. In aka saka igiyoyin biyu aka daidaita su a fuskokin biyu, ga abin da yake fitowa ga hasken da filin lantarkinsa yake kwance a jikin fuskar gilashin:

`T = 1 / (1 + A·sinh²(κd))`

A nan T shi ne kason hasken da ya haye, A kuma ya dogara da n da kusurwa kawai. Ga lambobinki, A = 2.78. Ki saka d = 200 ki gani.

Maryam A.: Na samu 0.38. Na rubuta shi ma a Python don na ga sauran:

```python
from math import pi, sin, cos, sqrt, sinh, radians
n, th, lam = 1.5, radians(45), 633
k, q = sqrt((n*sin(th))**2 - 1), n*cos(th)
A = (q*q + k*k)**2 / (4*q*q*k*k)
for d in (100, 200, 300, 633, 1000, 2000):
    print(d, 1/(1 + A*sinh(2*pi*k*d/lam)**2))
```

Rata 100 kashi 74 ne yake hayewa. A 200 kashi 38, a 300 kashi 19 ba kaɗan. In ratar ta kai tsawon zango ɗaya, 633, bai kai kashi 2 ba. A 1000 kusan ɗaya cikin ɗari takwas. A 2000 kuwa ɗaya cikin miliyan, kusan. Rabi da rabi yana wajen nanomita 160.

Malam Nasiru: Madalla. Abba ga lambarka nan. Rata ta maikuromita ɗaya tak, wadda ido ba ya gani, hannu ba ya ji, a wurin kyamararka daidai take da a ce yatsan yana Kurna kai kana Zoo Road. Kwarin zanen yatsa zurfinsa gomman maikuromita ne, shi ya sa yake fitowa fari tas. Tudun busasshen yatsa kuma kaushin da yake kansa ya isa ya ɗage mafi yawansa sama da maikuromita ɗaya, sai shi ma ya fito fari. Ɗigo-ɗigon da kake gani su ne 'yan wuraren da suka sauka ƙasa da nanomita ɗari biyu ko uku, ko suka taɓa sosai.

Maiƙon goshi ko ɗan gumi yana cike waɗannan ƙananan ratoci na kan tudu, ya kori iskar, bai kuma yi yawan da zai cike kwari ba. Basilin da aka lafta kuwa indes ɗinsa kusa yake da na gilashi, ya cike tudu ya cike kwari, babu iska ko'ina, haske ya fice ta ko'ina. Baƙi ƙirin.

Hajiya Binta: Salamu alaikum. Ni ban gane lissafin ba amma ina da tambaya a kan 'yata. Za ta yi rajistar jarrabawa, kuma bikin yayarta ya matso, an ce kada ta sa lalle a yatsu. Ashe lallen yana cike kwarin ne kamar basilin?

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam Hajiya. Lallen da ya bushe aka wanke rini ne a cikin fatar sama, ba ya cike kwari kamar mai. Amma na'urorin ba iri ɗaya ba ne. Akwai irin ta Abba, mai kallon hasken da ya dawo, tudu ya fito baƙi. Akwai kuma waɗanda kyamararsu take kallon hasken da fatar kanta ta watso, tudu ya fito da haske a kan duhu. A irin ta biyun, fatar da ta rine ta yi duhu za ta watso haske kaɗan. Shawarata ta bar kan yatsun babu lalle har ta gama, a yi mata a bayan hannu.

Abba Mai Kafe: Hajiya ni a nawa shagon masu jan lalle galibi suna wucewa. Masu baƙin nan na zamani ne suke ba ni aiki, kuma na lura yatsun nasu a bushe suke, wasu har suna saɓa. Ban raba ko launin ne ko bushewar ba.

Hajiya Binta: To Allah ya saka da alheri. Za a sha rigima da ita amma haka za a yi.

Injiniya Bala: Malam ka yi haƙuri zan ja da kai kaɗan. Ka ce gumi yana cike ratar. Gumi ruwa ne, 1.33. Iyakar gilashi zuwa ruwa ita ce kusurwar da sin ɗinta yake 1.33/1.5, wato kusan digiri 62 da rabi. Haskenka yana 45. To inda gumi yake, babu ma zancen dawowar haske duka, balle igiya mai dusashewa. Haske ya ratsa ne kawai yadda ya saba. Ke nan na'urar da ake ta kira mai aiki da FTIR, wato tsallaken haske ta siririyar ratar iska, a yatsa mai laima ba tsallaken rata take yi ba sam.

Malam Nasiru: Ba ka yi kuskure ba Injiniya. A yatsa mai ɗan laima, yawancin baƙin tudun daga mannewa ta gaskiya yake, gilashi, gumi, fata, babu iska. Tsallaken rata na haƙiƙa yana faruwa ne a gefen tudu inda fata take ɗagowa a hankali, da kuma a busasshen yatsa inda ake da ratoci na nanomita ɗari ko ɗari biyu. Amma ni ina ganin igiya mai dusashewa ita ce take yanke hukunci duk da haka, domin ita ce ta sa iyakar "ya taɓa" da "bai taɓa ba" ta zama siririya haka. Da a ce nisan dusashewar maikuromita 50 ne, da kwari ma ya yi baƙi, da babu zane.

Injiniya Bala: Na yarda ita ce ta sa farin ya zama fari. Ban yarda ita ce ta sa baƙin ya zama baƙi ba. Sunan ya fi aikin girma.

Malam Nasiru: A jiƙaƙƙen yatsa na ba ka. A yatsun hunturu irin na Abba ban ba ka ba.

Lissafinka na 62 da rabi kuma yana da amfani ta wani gefen. Shi ya sa yatsa mai zufa sharkaf a watan Afrilu yake fitowa dunƙule a na'ura mai kusurwa ƙasa da haka: ruwan ya cike kwari, haske ya bi shi. In aka ƙera na'urar ta yi kallo a kusurwar da ta haura wannan, ruwa ma zai mayar da haske, fata kaɗai za ta ɗauke shi. Sai dai in kusurwa ta ƙaru nisan dusashewa yana raguwa. Maryam, gwada 60 da 42 a iska.

Maryam A.: A digiri 60, 1/κ ya sauko nanomita 121. A 42, dab da iyaka, ya haura 1100. Ashe kusa da iyakar yana miƙewa sosai.

Malam Nasiru: Haka ne, in kika matso iyakar tushen nan yana tafiya sifiri. Don haka babbar kusurwa tana taimakon mai zufa tana ƙuntata wa mai kaushi. Wasu masu ƙera na'urorin suna shimfiɗa siririn silikon mai laushi a kan gilashin don ya bi kaushin fata ya rufe ratar.

Sadiƙ na Farm Santa: To Malam wannan shi ne abin da nake gani in ina manna gilashin kariya a fuskar waya? Kafin ya kama, akwai zobba-zobba masu launi kamar bakan gizo a inda iska ta rage.

Malam Nasiru: A'a Sadiƙ, maƙwabcinsa ne. A can kana kallo kusan kai tsaye, haske yana ratsa iskar lafiya lau, sai wanda ya dawo daga fuskar sama da wanda ya dawo daga ta ƙasa suke haɗuwa, wani launi ya ƙaru wani ya mutu. Shi ya sa kake ganin zobe bayan zobe. A namu, haske ba ya kaɗawa a cikin ratar, don haka babu zobba. Tabo ɗaya ne, yana dusashewa a gefe, shi ke nan. Wannan ma ita ce hanyar rarrabe su in mutum yana gwaji: in ka ga zobba, ba ka kai kusurwar iyaka ba.

Umar T.: Ni malamin sakandare ne a Gwale. Na taɓa haɗa firizim biyu na ɗakin gwajinmu fuska da fuska na haska leza, ina so yara su ga hasken ya haye. Ko ɗigo bai haye ba. Da na ɗiga ruwa a tsakani kuma duka ya wuce. Me na rasa?

Malam Nasiru: Ƙura da rashin daidaiton fuska, Malam Umar. Ƙwayar ƙurar hunturu guda ɗaya mai maikuromita biyu ko uku in ta shiga tsakani, ka duba lissafin Maryam, ɗaya cikin miliyan ko ƙasa. Ko babu ƙura, firizim na makaranta fuskarsa ba ta miƙe zuwa nanomita ɗari a faɗinta duka ba. Ruwan da ka ɗiga kuma ya kai ka ga maganar Injiniya, ka kashe dawowar hasken gaba ɗaya.

Yi yadda Newton ya yi tun fiye da shekara ɗari uku: maimakon fuska biyu miƙaƙƙu, ɗora lens mai ƙundu a kan fuskar firizim. Dole su taɓa a wuri ɗaya, daga nan ratar tana buɗewa a hankali, `r²/2R`, inda r nisa ne daga wurin taɓawar, R kuma radiyos ɗin ƙundun lens ɗin. Ɗauki lens mai ƙundu iri ɗaya ta fuska biyu, mai nisan tattara haske santimita 50. R ɗinsa shi ma kusan santimita 50 ne. Ratar za ta kai nanomita 300 a nisan wajen rabin milimita daga tsakiya. Don haka in ka leƙa ta cikin firizim ɗin a kusurwar da fuskar take ƙyalli kamar madubi, za ka ga baƙin tabo mai faɗin kusan milimita ɗaya, wanda ya fi ainihin wurin taɓawar girma. Wannan ƙarin faɗin shi ne tsallaken. Goge su da sipirit tukuna, ka matsa a hankali kada ka ƙarce gilashin. In ka duba ta bayan lens ɗin da farin haske, gefen tabon zai ɗan yi ja, domin ja ya fi shuɗi tsawon zango, ya fi shi nisan tsallake.

Umar T.: Milimita ɗaya a aji mai yara saba'in, Malam? Sai dai su yi layi.

Injiniya Bala: Ko ka ƙara tsawon zangon. Jagadish Chandra Bose ya yi haka a Kalkata a 1897 da igiyoyin rediyo masu gajeren zango, ya ga yadda kaurin iskar da ke tsakani yake canza abin da ya dawo da abin da ya haye. In kuna da na'urar maikurowef ta ɗakin gwaji mai zangon santimita 3, ka narka kyandir ka zuba firizim biyu manya. Kakin kyandir indes ɗinsa a wannan zangon kusan 1.5 ne, don haka lambobin Maryam suna nan, sai dai a faɗaɗa su. 1/κ zai zama milimita 13 da rabi, rabi da rabi kuma wajen milimita 8. Da hannu za ka matso da firizim ɗin, allurar mita tana tashi yara suna kallo, ka auna ratar da rula.

Umar T.: Wannan ya fi. Matsalar ita ce samun na'urar. Kyandir dai Kasuwar Singa ba ta rasa shi ba.

Injiniya Bala: Ka zuba kakin kaɗan-kaɗan yana sanyi, in ka zuba lokaci ɗaya tsakiyarsa zai rafke ya bar kogo. Kuma kowane gefe ya kai kamar santimita 20 ko fiye, in ya yi ƙanƙanta igiyar za ta zagaye shi ta gefe ta ruɗa maka awo.

Maryam A.: Malam wata tambaya. Wannan `sinh²` ɗin na gan shi sak a darasin kwantam, wajen ƙwayar da take ratsa katanga. Ke nan wannan abin kwantam ne?

Malam Nasiru: Lissafin iri ɗaya ne, domin duka biyun igiya ce ta shiga yankin da ba za ta iya kaɗawa ba. Amma ba kya buƙatar kwantam don ki samo namu, Maxwell ya wadatar, kuma Bose ya yi nasa gwajin shekaru kusan talatin kafin Schrödinger ya rubuta nasa lissafin na kwantam. Akwai ma inda suka rabu: haske yana da fuskar kaɗawa. Wanda muka lissafa na filin da yake kwance ne. Ɗaya nau'in, wanda filin maganaɗisunsa ne yake kwance, a digiri 45 ɗin nan, A ɗinsa 1.09 ne ba 2.78 ba, don haka a rata 200 kashi 61 ne yake hayewa maimakon 38. Fitilar na'urar Abba tana da duka biyun a gauraye, abin da kyamara take gani yana tsakaninsu.

Maryam A.: Kuma a kowace kusurwa shi ne yake fin hayewa?

Malam Nasiru: A'a, in kusurwa ta yi girma suna musanya. Ki sauya q da q/n² a cikin A kawai, ki bi kusurwoyin daga 42 zuwa 70, ki nemo mana inda suka haɗu.

Abba Mai Kafe: To ni ga abin da zan yi daga gobe, a gyara min. Mai busasshen hannu ya hura wa yatsan iskar baki ko ya goga a goshi. Mai basilin ko mai zufa ya goge da tsumma tukuna. Ni kuma na riƙa goge gilashin.

Malam Nasiru: Haka ne, kuma goge gilashin bayan kowane mai maiƙo, domin maiƙon da ya bari shi ma yana ɗauke haske, sai ka ga inuwar zanen wancan a ƙarƙashin na wannan. Kada kuma ka ce su danna da ƙarfin tsiya. Dannawa tana rufe ratar kan tudu, amma in ta yi yawa tudun yana bajewa ya shige kwari, layuka su haɗe.

Abba Mai Kafe: Saura birkiloli da masu wanki. Su ko an shafa me, zanen ba ya fitowa sosai.

Injiniya Bala: Wannan ba matsalar rata ba ce, siminti da sabulu sun cinye tudun. Ka gwada ɗan yatsan kusa da ƙarami ko na hannun hagu in tsarin ya yarda, su ba su cika shan aiki ba.

Umar T.: Na gwada tambulan ɗin yanzu da ruwan sanyi, ban ga madubin sosai ba, yatsuna duka nake gani.

Maryam A.: Kofin ya yi gumi ta waje Malam Umar, ruwan ya cike tsakanin yatsunka da gilashin. Sauya da ruwan randa ka goge bayan. Malam Nasiru, na samu sun haɗu wajen digiri 52, daga nan na kwancen ne yake fin hayewa. A duba min.

Malam Nasiru: Turo lambobin A na kowanne a 50 da 55 mu gani.